Darasi na Bakwai: Tambayar Abincin Jiya da Yadda Ake Mayar da Amsa Lissafi

Tambayar abincin jiya ita ce a zauna da mutum a bi da shi duk abin da ya ci ko ya sha, tun daga tashinsa da asubar jiya har zuwa asubar yau, awa 24 cif. Da ita aka tattara bayanan cin abinci a binciken ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2001 da 2003, da ita kuma aka sake yi a 2021. Ba ta bukatar kayan aiki masu tsada, kuma wanda ake tambaya ba sai ya iya karatu ba. Wahalarta guda ce: jadawalin sinadaran abinci da giram yake aiki, mutanen Chikaji kuwa da malmala da ludayi da “na ɗari biyu” suke auna abincinsu. Aikin mai tambaya shi ne ya mayar da malmalar nan giram ba tare da ya zubar da gaskiya a hanya ba. Za mu bi misali guda ɗaya tun daga sallama har zuwa takardar da za a miƙa wa ma'aikaciyar lafiya.

Misalin namu mace ce mai shekara 32, nauyinta kilo 58, tana ɗinki a cikin gida a Chikaji, ba ta da juna biyu, ba ta kuma shayarwa. An tsara ta ne don aikin aji. An je wurinta ranar Laraba, saboda haka abincin Talata ake tambaya.

Kafin a fara

Gidajen da ba a shiga, mace ce za ta je. Ta nemi wuri a gefe, don ba kowa ke iya lissafa abin da ya ci a gaban suruka ko kishiya ba. Ta kuma faɗi tun farko cewa wannan ba rajistar tallafi ba ce. Wanda yake zaton za a raba kaya zai rage abin da ya ci, wanda kuma yake jin kunyar a san babu a gidan zai ƙara nama a miyar da ba ta ga nama ba. Duka biyun suna ɓata lissafi. Sai a tambaya ko jiya rana ce irin ta kullum: ba azumi, ba biki ko suna, ba zazzaɓi. Idan ba irin ta kullum ba ce, a rubuta a saman takarda.

A jakar mai tambaya akwai ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram ɗai-ɗai, da jug mai layin awo, da ɗanyar shinkafa kamar rabin mudu, da kwaɓaɓɓen gari mai gishiri da aka ƙulle a leda. Amfaninsu zai zo a gaba.

Zagaye huɗu

Ba a yin tambayar sau ɗaya a tashi. Ana zagaya ranar sau da yawa, kowane zagaye da abin da yake nema. Tsarin Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka zagaye biyar ne. Wanda Rosalind Gibson da Elaine Ferguson suka wallafa a 1999 don ƙasashe masu tasowa huɗu ne, kuma shi ya fi dacewa da mu.

A zagaye na farko ana barin mutum ya yi magana, ba a katse shi. Tambayar ita ce, “Yaya, jiya da kika tashi, mene ne farkon abin da kika sa a bakinki?” Ba a cewa “Me kika karya da shi?”, domin wannan ya riga ya ɗauka cewa ta karya, kuma kunya za ta sa ta samo amsa. Matar tamu ta ce koko da ƙosai da safe, garau-garau da rana, tuwon masara miyar kuka da dare. Ta ce shi ke nan.

Kusan kowa haka yake cewa, kuma ba ƙarya yake yi ba. A wurinmu abinci shi ne abin da aka zuba a kwano. Gyaɗa, rake, ɗanwaken da maƙwabciya ta aiko, zoɓo, lomar da aka ɗanɗana a bakin murhu, duk ba a lissafa su. Hanyar fito da su ita ce a rataya tambaya a kan lokutan salla da ayyukan ranar, don da su mutane suke tuna yininsu.

“Tsakanin karyawa da azahar kina ina, Yaya?”

“Ina kan keke, akwai ɗinkin da nake so in gama.”

“Babu mai tallar da ta shigo?”

“Af, yarinya mai gyaɗa ta zo, na sayi ƙulli ɗaya.”

“Bayan isha'i fa, kafin ki kwanta?”

“Maigida ya dafa shayi, na sha kofi guda.”

Zagaye na biyu na bayani ne. Kowane abu sai an san irinsa da yadda aka dafa shi. Kokon na gero ne ko na dawa, an sa sukari? Masarar surfaffiya ce ko da dusarta aka niƙa? Wane mai aka zuba, manja ko man gyaɗa? Kuzarinsu ɗaya ne, amma manja yana ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, man gyaɗar da aka matse a gida kuwa ba shi da shi. A wannan zagayen ne ya fito cewa ta sa sukari a koko, ta kuma zuba mai cokali biyu a garau-garau. Zagaye na uku na awo ne, shi za mu daɗe a kansa. Na huɗu kuma a karanta mata duk abin da aka rubuta daga farko zuwa ƙarshe, ta gyara ko ta ƙara.

Daga malmala zuwa giram

Kada a taɓa tambayar mutum giram nawa ya ci, kada kuma a yarda da “kofi ɗaya” ba tare da an ga kofin ba. A ce ta ɗauko ainihin kofin da ta sha koko da shi, ta zuba ruwa daidai inda kokon ya tsaya, a juye a jug. Nata ya ba da mililita 400. Koko mai ruwa-ruwa nauyinsa bai yi nisa da na ruwa ba, don haka mun rubuta giram 400.

Garau-garau kuma ta zuba ɗanyar shinkafar nan a farantinta har ta kai tulin da ta ci jiya. Abin da ake so a nan girman tulin ne, ba nauyin ɗanyar shinkafa ba. Sai a juye ta a jug a ga mililita nawa ce, daga baya a cika jug ɗin da dafaffen garau-garau zuwa wannan layin a auna. Ya ba da giram 340.

Abin da aka saya a waje ya fi sauƙi, in dai an yi shi a ranar. Ta ce ƙosai huɗu daga mai suyar bakin layi. A je wurin wannan mai suyar, a sayi irinsa, a ɗora a sikeli. Kowane ɗaya giram 25, huɗu giram 100. Ƙullin gyaɗa giram 30. Kada a dogara da awon da aka yi watanni shida da suka wuce, domin idan wake ya yi tsada a kasuwar Sabon Gari mai ƙosai ba ta cika ƙara kuɗi ba, ƙosan take ragewa.

Tuwo ne ya fi ba da wahala, saboda ba ita kaɗai ta ci ba. An zuba malmala biyu a kwano, ta ci tare da ɗanta ɗan shekara huɗu, an kuma rage. A nan kwaɓaɓɓen garin yake aiki. Ta mulmula shi daidai girman malmalar gidan, sannan ta nuna abin da yaron ya ci da abin da ya saura aka ajiye don ɗumame. An auna malmalar gaske ta gidan, giram 300 ce, biyu 600 ke nan. Na yaro da saura sun tashi kusan kashi ɗaya cikin uku. Nata giram 400. Wannan kintace ne, kuma a rubuta a gefe cewa kwanon tarayya ne, don duk wanda zai karanta ya san ƙarfin adadin.

Yanzu ga inda masu koyo suka fi faɗawa rami. Giram 400 na tuwo ba giram 400 na garin masara ba ne. Yawancin nauyin tuwo ruwa ne. Don a san garin da ke ciki sai a bi tukunya: a auna garin kafin a tuƙa, a auna tuwon duka bayan an kwashe. A gidan matar tamu gari giram 1,200 ya ba da tuwo giram 4,800. Wato kowane giram 100 na tuwo yana ɗauke da gari giram 25, kuma giram 400 da ta ci gari giram 100 ne. Wanda ya manta da wannan ya ɗauki 400 ya buga da adadin gari zai rubuta mata kalori 1,440 a tuwo kaɗai, alhali 360 ne. Kuma ba kowane gida ke da wannan kashin ba. Mai son tuwo da tauri garinta ya fi yawa, shi ya sa a babban bincike ake auna tukwanen gidaje da dama a ɗauki matsakaici.

Miya ma haka ake yi mata. Tukunyar ta tashi giram 2,000, a ciki akwai garin kuka giram 60, daddawa giram 40, manja giram 100. Ta ci ludayi biyu, giram 200, wato kashi ɗaya cikin goma na tukunyar. Rabonta kuka giram 6, daddawa giram 4, manja giram 10. Da a ce an sa nama, ba za a raba shi goma ba. Nama ba ya bin ludayi, sai a tambaya kai tsaye, “Kin samu yanka? Guda nawa, kamar yaya girmansa?”

Da wannan hanyar muka warware sauran. Kokon giram 400 gero ne giram 40. Ƙosan giram 100 wake ne giram 45 da man da ya sha a kasko giram 14, sauran ruwa da albasa. Garau-garau ɗanyar shinkafa ce giram 90 da wake giram 40. Cokalin da ta zuba mai da shi yana ɗaukar giram 10, biyu 20. Sukari giram 12 a koko, 12 a shayi.

Buɗe jadawali

Jadawalin sinadaran abinci littafi ne da ke faɗin abin da ke cikin giram 100 na kowane abinci. Biyu ne suka shafe mu: na Afirka ta Yamma da hukumar FAO ta fitar a 2012 ta kuma faɗaɗa a 2019, da na Najeriya na 2017. A kula da layin da ake ɗauka, don wake ɗanye da dafaffe layinsu daban-daban ne. Tunda mun mayar da komai ɗanye, layin ɗanye za mu bi. Lissafin guda ne:

```
sinadari = (giram ÷ 100) × adadin jadawali
```

Sinadarai uku kawai za mu bi: kuzari da ake aunawa da kalori, furotin mai gina jiki, da sinadarin ƙarfe da jini ke bukata. Alkaluman da ke ƙasa an dunƙule su ne don sauƙin lissafi a aji, a wurin aiki kuwa jadawalin kansa za ku buɗe. Ɗauki wake: giram 45 na ƙosai da 40 na garau-garau, 85 ke nan. Idan giram 100 yana da kalori 340, furotin giram 23, ƙarfe miligiram 7, to 85 zai ba da kalori 289, furotin 19.6, ƙarfe 6.0.

| Abinci | Giram | Kalori | Furotin | Ƙarfe |
|---|---|---|---|---|
| Gero | 40 | 144 | 4.0 | 1.6 |
| Wake | 85 | 289 | 19.6 | 6.0 |
| Shinkafa | 90 | 324 | 6.3 | 0.9 |
| Garin masara | 100 | 360 | 8.0 | 2.0 |
| Gyaɗa | 30 | 174 | 7.5 | 0.6 |
| Mai duka | 44 | 396 | 0 | 0 |
| Sukari | 24 | 96 | 0 | 0 |
| Kuka da daddawa | 10 | 34 | 2.1 | 1.4 |
| Jimla | | 1,817 | 47.5 | 12.5 |

Ku dubi layin mai. Giram 44 ne kawai, amma ya fi tuwon duka kalori, domin giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci ko furotin kuwa 4. Kuskuren cokali ɗaya a mai ya kai kuskuren giram 100 a tuwo. Saboda haka idan lokaci ya ƙure kuma dole a zaɓi abin da za a tsananta tambaya a kai, a zaɓi mai.

Shin lissafin ya yi kama da gaskiya?

Kafin a yi wa adadin fassara, a gwada shi da jikin mai shi. Akwai kuzarin da jiki ke ƙonawa ko da mutum yana kwance bai motsa ba. Ga mace mai shekara 30 zuwa 60, lissafin da FAO da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da shi shi ne:

```
(8.126 × kilo) + 845.6
```

Kilo 58 ya ba da kusan kalori 1,320. Mai aikin zama irin ɗinki da hidimar gida ana ninka wannan da kamar 1.6, bukatarta ta yini ta tashi kusan 2,100. Abin da muka samu, 1,817, yana tsakani, don haka abin yarda ne.

Amma ku cire abubuwan da ba ta faɗa ba a zagayen farko: gyaɗa 174, man garau-garau 180, sukarin koko da na shayi 96. Kalori 450 ke nan, kusan rubu'in abincin yinin. Da an tsaya a jerin farko da an rubuta mata 1,367, wato daf da abin da jikinta ke ƙonawa a kwance. Wannan ita ce alamar da za ku riƙe. Idan jimla ta faɗo kusa da wannan adadin ko ƙasa da shi, ga mutum lafiyayye da bai yi azumi ba kuma ba ramewa yake yi ba, a fara zargin tambayar kafin a zargi tukunyar gidan. Idan kuma ta haura 4,000 ga mace mai zaman gida, a koma a duba ko an buga dafaffe da adadin ɗanye.

Fassara

Furotin da ake so ga baligi giram 0.83 ne a kowane kilo na nauyinsa. Nata 48 ke nan, ta kuma samu 47.5, ko da yake ba ta ci nama ko kifi ko ƙwai ba. Wake da gyaɗa ne suka ɗauki fiye da rabin nauyin.

Ƙarfe ya fi bukatar natsuwa, don abin da aka ci daban, abin da hanji ya tsotsa daban. Ƙarfen hatsi da wake kaɗan ne ke shiga jini, shayin da aka sha daf da abinci yana ƙara rage shi, bitamin C na lemo ko gwaiba ko ɗanyen tumatir kuma yana taimaka masa. Shi ya sa ma'aunin FAO da Hukumar Lafiya ta Duniya na 2004 ya ba da adadi fiye da ɗaya ga mace baliga mai jinin al'ada: miligiram 19.6 idan jiki na tsotsar kashi 15 cikin ɗari, 29.4 idan kashi 10 ne, 58.8 idan kashi 5 ne. Ko da mun ɗauki na tsakiya, 12.5 bai kai rabin 29.4 ba. Dole a rubuta ma'aunin da aka ɗauka, in ba haka ba mutum biyu za su kalli adadi ɗaya su faɗi magana biyu.

Duk da haka ba za a rubuta cewa tana da ƙarancin jini ba. An sa ma'aunin sama ne da gangan don ya wadaci kusan kowace mace, da yawa bukatarsu ba ta kai nan ba. Ƙarancin jini kuma gwajin jini ne ke nuna shi. Sannan yini ɗaya ba ya faɗin yadda mutum ya saba ci. Ranar Laraba tana iya cin fate da zogale ko rama, Juma'a a yi miyar nama, lissafin ya canja sarai. Yini ɗaya ya isa a fitar da matsakaicin unguwa idan an tambayi mutane da yawa a ranaku daban-daban na mako. Don a san al'adar mutum ɗaya kuwa sai an maimaita aƙalla sau biyu ko uku, a ranakun da ba sa bin juna, domin tuwon dare shi ne ɗumamen safe. Lokacin shekara ma yana da tasiri, abincin kaka ba irin na tsakiyar damina ba ne.

Takardar da za a miƙa gajeriya ce, ma'aikaciyar lafiya ta karanta a minti ɗaya. Ga yadda ta matar tamu za ta kasance:

“Mace, shekara 32, kilo 58, ba ciki, ba shayarwa. Abincin Talata, rana irin ta kullum, tambaya ta farko. Kalori kusan 1,800 cikin bukatar kusan 2,100. Furotin kusan giram 48, daidai da bukata, yawanci daga wake da gyaɗa. Ƙarfe kusan miligiram 12 zuwa 13, ƙasa da rabin ma'aunin 29.4, duka daga tsirrai. Ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba nono, ba 'ya'yan itace. Ta sha shayi bayan tuwon dare. Tuwon kwanon tarayya ne, awonsa kintace. A maimaita tambaya ranar Asabar. Shawara: ta jinkirta shayi awa ɗaya ko biyu bayan abinci, ta haɗa garau-garau da ɗanyen tumatir ko lemo. Idan tana yawan gajiya ko jiri, a yi gwajin jini.”

Ku lura an rubuta “kusan 1,800”, ba 1,817 ba. Awon da ya fara da kwaɓaɓɓen gari a leda bai kai a yi masa rantsuwa a kan kalori 17 ba.

Aikin gida

Ku yi bibbiyu, kowa ya yi wa ɗan'uwansa tambayar da zagaye huɗu, ya ja layi a ƙarƙashin duk abin da bai fito ba sai bayan zagayen farko, ya lissafa kalorinsa daban. Sannan kowa ya auna tukunyar tuwon gidansu sau ɗaya, gari kafin tuƙi da tuwo bayan kwashewa, ya zo da adadin garin da ke cikin giram 100. Za mu jera su a allo mu fitar da matsakaicin ajin, da shi za mu yi aiki a darasi na gaba. A ƙarshe ku sake lissafin matar misalinmu a kan cewa garin gidanta giram 1,500 ne ya ba da tuwo giram 4,800, ku faɗi nawa jimlar kalorinta da furotin ɗinta suka koma.